Alhamis Ɗin Da Banki Bai Buɗe Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi a bayan gilashin banki a Damagaram, ina karɓar kuɗin mutane ina buga musu hatimi, kafin ciwon baya da rigimar shugabanni su kore ni. Daga nan na koma wani ɗan ofishin tafiye-tafiye a Zango, ajans muke ce masa. Tikitin jirgi muke sayarwa, muna kuma haɗa wa masu neman biza takardunsu kafin su ɗauka su tafi Yamai. Mu ba ma ba da biza, ko ƙofar ofishin jakadanci ban taɓa takawa ba. Nawa aikin dubawa ne. Mutum ya kawo dosiyensa, wato tarin takardunsa, in shimfiɗa shi a tebur in bi takarda ɗaya bayan ɗaya, in gaya masa abin da ya rage. Wadda na fi daɗewa a kanta kullum ita ce takardar banki ta wata uku, wadda ke nuna shige da ficen kuɗin mutum. Relebe muke kiranta. Na buga irinta da hannuna ba adadi, don haka idona yana gane ta gaskiya tun kafin in zauna da kyau. Masu zuwa wurinmu sun sa mini suna mai tsanani, ban kuma taɓa musantawa ba.

Wata Litinin da damina, ruwa ya ɗauke ke nan, Kawu ya shigo yana kaɗe laka daga takalminsa. Ƙanen mahaifiyata ne, baduku, shekarunsa sun haura sittin da biyar. A hannunsa na girma bayan rasuwar mahaifina, jakar da na fara zuwa makaranta da ita ma shi ya ɗinka, ja mai baƙin baki, har yau tana cikin akwatina. Mutum ne mai son tsokana, tun ina banki yake kirana 'yar gilashi. Amma ranar bai tsokane ni ba. Ya ajiye wata jakar fata a gabana da hannu biyu, ya ja kujera ya zauna a bakinta.

Labarin na riga na sani, duk dangi sun sani. Wasu masu shirya kasuwar baje kolin sana'ar hannu a wata ƙasa ta Turai sun ga aikinsa ta hannun ƙungiyar dukawa, suka aiko masa da gayyata da sunansa. Sun ɗauki nauyin rumfa da masauki, jirgi da abinci kuma nasa ne. Shekara hamsin jakunkunansa suna tafiya ƙasashe a hannun 'yan kasuwa, shi kuwa ko Yamai sau biyu ya taɓa zuwa. Yanzu ga shi an ba shi ranar ganawa a ofishin jakadanci, Litinin mai zuwa, za a karɓi takardunsa a ɗauki hoton yatsunsa.

"Komai ya cika," ya ce. "Ke dai duba ki sa albarka."

Fasfo lafiya. Hotuna lafiya, har na yi dariya don ya ɗaure fuska kamar wanda aka kira gaban alƙali. Wasiƙar gayyata, inshorar lafiya, ajiyar kujerar jirgi, duk daidai. Sai na zo kan relebe, shafi uku, na bankin da na yi wa aiki. Ina ɗaga ta na san da matsala.

Hatimin ne ya fara tsaya mini. A duk shafi ukun yana ƙasa ta dama, ya karkace daidai wa daida, ga wani ɗan gurbi a gefensa inda tawada ba ta kama ba, shi ma a wuri ɗaya. Duk wanda ya taɓa buga hatimi ya san hannu ba ya maimaita kansa haka. Na farko yakan fito da kauri, na biyu ya ɗan dushe, na uku ya zame. Na juya takardar baya na shafa da yatsa. Sa hannun da aka yi da biro yakan bar ɗan tudu a baya, tawadar hatimi ma takan ɗan ratso. Wannan sumul take. Hatimi da sa hannu duk na'ura ce ta fito da su tare da rubutun.

Na ɗago na dubi Kawu. Yana kallon hoton jirgin da ke manne a bangonmu.

"Bar mini su zuwa gobe," na ce. "Akwai mutane a gabanka."

Babu kowa a gabansa. Ya duba kujerun da ba kowa, ya dube ni, ya yi murmushi ya ce manyan ma'aikata ke nan, ya tafi.

Yana fita na rufe ƙofa na ɗauko rula. Gaskiya ba don in kama shi na ɗauko ta ba, so nake in wanke shi. Na san alama ɗaya ba hujja ba ce. Na sha ganin takardar gaskiya da ta fito a karkace don na'urar banki ta tsufa. Wani kuma yakan kawo kwafi a maimakon ta asali ba tare da wata mugunta ba. Na ce wa kaina wataƙila hatimin kawai aka kwafa don an manta a buga masa, kuskure ne amma mai gyaruwa.

Rular ba ta taimake ni ba. Na ɗora ta a gefen dama na jerin kuɗin shiga. A takardar banki lambobi sukan ƙare a layi ɗaya cak, sifili a ƙarƙashin sifili. A nan wasu sun tsaya a layin, wasu sun ɗan leƙo, waɗanda suka leƙo ɗin kuma sun fi sauran kauri kaɗan. Na matso da ita kusa da taga. Na'urar bankinmu fili take bari tsakanin dubbai, 25 000 take rubutawa. Layukan masu kauri ɗigo ne a tsakaninsu, 250.000, irin yadda muke rubutawa da hannu tun a makaranta. Kowane zubi kuma yana da lambar shaidarsa a gefe, wadda ba ta taɓa zuwa sau biyu. Na ƙirga layi goma sha uku masu lamba ɗaya. Wani ya ɗauki layi guda na gaskiya ya yi ta haifar masa 'ya'ya, ya canza rana ya canza kuɗi, ya manta da lambar.

Na bi lissafin da na'urar lissafi. A cikin kowane shafi ya tafi daidai, mai aikin ya yi ƙoƙari. Amma abin da ya rage a ƙarshen shafi na ɗaya ba shi aka ɗauko a farkon na biyu ba, akwai tazarar 'yan jikkuna, wato dubban sefa. Sannan wata uku cur babu inda banki ya cire ladan riƙe asusu. A nan ne na yi tsaki da ƙarfi ni kaɗai. Banki zai iya manta sunanka, zai iya manta gaisuwa, amma ya manta ya yanki nasa a ƙarshen wata? Ban taɓa gani ba.

Abu na ƙarshe da nakan yi shi ne in bi ranaku da kalandar bango, don masu gyaran takarda sun cika zuba kuɗi ranar Lahadi. Waɗannan babu Lahadi ko ɗaya. Duk Alhamis ne, ranar da kasuwar Dole take ci. Alhamis, Alhamis, Alhamis, yatsana yana sauka, har ya tsaya a kan wadda aka rubuta da ja. Babbar Sallah. Da turowa aka yi ta waya da sai in ce na'ura ba ta hutu. Amma layin cewa ya yi an zuba tsabar kuɗi a gishe, tagar da ake karɓar kuɗi a banki, hannu da hannu, jika ɗari da tamanin. Ni kuwa na san ranar Sallah ko mai gadi sai an roƙe shi yake zama a ƙofar bankin nan.

Ranar Talata ban yi aikin kirki ba. In zauna, in tashi, in buɗe aljihun tebur in kalli jakar, in rufe. Wata mata ta zo sayen tikiti na rubuta mata ranar da ba ita ta ce ba, sai da ta ɗaga murya. Na ɗauki waya sau uku zan kira wata tsohuwar abokiyar aikina a banki in ce ta leƙa mini asusun, sau uku ina ajiyewa. Sirrin asusu ba abin wasa ba ne, aikinta zan jefa cikin haɗari, kuma me za ta gaya mini da ban riga na gani ba? Abin da ya hana ni sukuni shi ne na san ƙarshen irin wannan takarda. Ina banki akan turo mana kwafinsu daga babban ofishi, masu biza suna tambaya ko daga gare mu ta fito. Mukan buɗe asusun mu gwada, mu mayar da amsa a layi guda, ta yi daidai ko ba ta yi ba. Da hannuna na sha rubuta ba ta yi ba, ban taɓa tsayawa na yi tunanin mai takardar yana da 'yar 'yar'uwa ba. In aka kama mutum da takardar jabu, ba wannan tafiyar kaɗai ya rasa ba. Dalilin yana shiga na'urarsu tare da yatsunsa, sauran ƙasashen nasu ma su gani, ya yi shekaru yana bin sa.

Amma kuma ba kowace takarda suke turowa ba. Wannan tunanin shi ya fi damuna. Wataƙila ta faɗa hannun wanda ya gaji, ya duba jimla ya wuce. Wataƙila in na yi shiru Kawu ya hau jirgi. Ni wace ce da zan tsaya masa a hanya da rula?

Laraba da hantsi na ɗauki jakar na tafi Birni. Rumfarsa tana nan yadda na san ta, warin jima da na rini, fatun Layya jibge a lungu. Yana zaune ya miƙe ƙafa ɗaya yana huda fata da basilla, ya kawo aikin kusa da hancinsa, don idon ya fara ja baya ko da yake ba ya yarda. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce 'yar gilashi yau an sauko ƙasa. Na zauna a kan buzu na fito da takardar.

"Kawu, wannan a ina ka karɓo ta?"

"Ta banki ce."

"Na ga sunan banki. Wa ya miƙa maka ita?"

Ya ajiye basilla. Ya ce banki sun ba shi tasu, ya kai wa wani mai siber a bakin tasha, wanda yake buga wa mutane takardu a ordinatar, wato kwamfuta, don a yi masa kwafi. Mutumin ya duba ya ce da wannan ko Takieta ba za a bar shi ya wuce ba, balle Turai. Ya tambaye shi ko ba ya samun kuɗi ne. Kawu ya ce yana samu mana, banki ne dai ba ya kaiwa. Shi ke nan mutumin ya ce a kawo lissafin a gyara.

"Gyara aka yi," ya ce. "Ba ƙari."

Ya miƙa hannu bayan tulin fata ya jawo littafinsa, wani tsohon littafin makaranta da ya yi wa bango da fata, cike da ajami. Ya buɗe ya ce in karanto ranakun takardar, shi zai karanto nasa. Na karanta Alhamis ta farko, ya faɗi kuɗin kafin in kai gare shi. Ta biyu haka. Ta uku haka. Duk goma sha ukun babu wadda ta kauce ko da dala ɗaya. Cinikinsa ne na kowace ranar kasuwa, abin da masu sari suka biya shi, shi ya zauna ya karanta wa mai siber ɗaya bayan ɗaya. Mutumin ma ya so ya ƙara masa sifili, Kawu ya ce Allah ya kiyaye, shi ba ya cin haram.

Na zo da shirin fuskantar mai laifi, sai na tarar da mutum yana alfahari da gaskiyarsa.

"To ina ƙaryar?" ya ce. "Gaya mini. Kuɗin nan na same su ko ban same su ba?"

"Ka same su, Kawu."

"Gumina ne ko na wani?"

"Naka ne. Amma takardar nan ba cewa take ka samu kuɗi ba. Cewa take banki ya karɓa ya ajiye, ga hatiminsa. Banki kuwa bai gani ba. In suka tambaye shi zai ce bai san zancen ba."

"Su tambaye ni mana! Ni ne mai kuɗin ko bankin?"

Na nuna masa hatimin, ya ce shi ba ya ganin bambanci. Na nuna masa ɗigon, ya ce yanzu saboda ɗigo za a hana shi tafiya? Raina ya fara ɓaci, muryata ta fara hawa, abin da ban taɓa yi a gabansa ba. Na sa yatsa a kan layin nan na ce, wannan fa? Ya duba littafinsa ya ce wani mutumin Gidimuni ne, ya yi odar matasan fata da takalma na biki, ya kawo cikon kuɗin bayan an sauko idi, har ya ci soyayyar hanta a gidan kafin ya tafi.

"To takardar cewa ta yi a ranar kana tsaye a gishe kana miƙa wa ma'aikacin banki kuɗi."

Ya ɗago ya dube ni.

"Ranar Sallah?"

"Ranar Sallah."

Ya karɓi takardar ya kawo ta kusa da idonsa, kamar zai iya karanta Faransanci in ya matsa sosai. Sannan ya ninke ta ya sa a jakar, ya ɗauki basillarsa. Ya ce in tashi in koma wurin aikina, kada a neme ni. Na ce ba zan sa hannun ajans a dosiyen da wannan takarda take ciki ba. Ya ce bai roƙe ni ba, Yamai ba da hannuna ake zuwa ba. Na fito ina jin kamar in koma in ce na janye, ƙafata dai ba ta juya ba.

Alhamis da rana Inna, mahaifiyata, ta zo har ofis, ita da ba ta taɓa zuwa ba. Ba ta zauna ba. Ta ce ɗan'uwanta bai fita kasuwa ba yau, abin da bai taɓa yi ba sai ranar da aka yi masa rasuwa. Ta ce mutumin da ya sayar da fatunsa ya saya mini littattafai, yau karatun ne na juya a kansa? Ta ce kowa a garin nan ana gyara masa takarda, sai nata ɗan'uwan ne za a yi wa wa'azi? Na ce Inna, tsare shi nake yi. Ta ce tsarewar da za ta zaunar da shi a gida, a kai kasuwa. Ta fita ta bar ƙofa a buɗe. Na wuni ina kai-komo tsakanin tebur da taga, duk babur ɗin da ya tsaya sai in leƙa. Na ji haushin mai siber, na ji haushin masu biza da ba su san akwai arzikin da ke kwana a akwatin ƙarfe da tulin fata ba, na ji haushin idona da ya iya gani.

Juma'a da safe na iso na tarar da shi a ƙofar ajans, ya sa babbar riga, da wata leda baƙa a hammata. Bai amsa gaisuwata da kyau ba.

"Shekara hamsin ban taɓa rasa idi ba," ya ce. "Ba zan kai wa Nasara takardar da ta ce ranar Sallah ina layin banki ba. Wuce mu je."

Muka je. A cikin ledar kuɗin akwatinsa ne, ya zuba su duka a asusun, sannan ya nemi relebe da bakinsa. Aka buga, aka sa hatimi a gabanmu, na farko da kauri, na biyu a dushe. Shafi ɗaya da rabi ce. Zubi guda daga ƙungiyar dukawa, wanda mai siber ya yi ta kwafa, sai ladan banki sau uku, sai ƙaton kuɗin da ya shiga yau. Na san yadda masu biza suke kallon kuɗin da ya faɗo dare ɗaya ana gab da ganawa, sukan ɗauka aro aka yi don a nuna musu. Na gaya masa haka tun a bakin gishe, don kada ya ce na ɓoye. Muka koma ofis na haɗa duk abin da zai iya tsaya masa: katinsa na sana'a, wasiƙar ƙungiya, rasiɗan masu sari da muka samu, kwafin shafukan littafinsa da fassararsu. Na rubuta wasiƙa da sunansa ina bayanin yadda baduku yake juya kuɗinsa ya koma fata. Ban taɓa zuba ƙarfina a dosiye irin wannan ba. Takardar siber kuwa shi da kansa ya yayyaga ta, ya zuba a kwandon sharata.

Lahadi da asuba na raka shi tasha. Ya zauna kusa da taga ya rungume jakar, motar ta kama hanyar Takieta. Ya je, aka ɗauki yatsunsa, ya dawo ya ce wata mata ce ta karɓa ta bayan gilashi, irina sak, ba ta ko yi murmushi ba. Daga nan muka shiga jira. Mako biyu ban san ɗanɗanon abinci ba. Kullum sai na buɗe kwafin dosiyen na sake karantawa, ina neman abin da na manta, kamar akwai sauran abin da zan iya yi.

Fasfon ya dawo a ambulan. Shi ya kawo mini, bai buɗe ba. Na yage na fito da shi, na bi shafukan har ƙarshe, babu komai. A ciki akwai takarda mai jerin dalilai, kowanne da ɗan akwati a gefensa. An sa alama a guda ɗaya: bai nuna isasshen abin da zai riƙe kansa da shi a can ba. Na karanta masa da Hausa. Sannan, don ban san me zan yi da bakina ba, na nuna masa akwati na sama, wanda ya shafi takardun ƙarya, da wani na ƙasa mai cewa ba a yarda da abin da aka gabatar ba. Na ce duba Kawu, waɗannan babu komai a cikinsu, sunanka fes yake, kana iya sake nema duk lokacin da ka so.

Ya dubi akwatunan ya daɗe.

"To," ya ce. "Su waɗannan fararen, su za su kai ni?"

Jakunkunansa sun tafi a hannun wani ɗan ƙungiya da ya samu biza, aka ce kwana biyu suka ƙare. Inna ta yi wata guda tana amsa mini gaisuwa da ka. Ta kuma tabbatar labari ya iso kunnena cewa wani ɗan kasuwa a unguwarsu ya wuce da takardar siber lafiya lau. Ko gaskiya ne ban sani ba. Na san wasu biyu da aka kama, amma waɗannan ba a ba da labarinsu a gidan biki. Har yau in na zauna shiru tambayar takan dawo, da na rufe bakina ranar Litinin ɗin nan, da ya tafi? Ba ni da amsa, kuma ba zan taɓa samu ba.

Kawu bai sake tayar da zancen ba. Amma Juma'ar da ta biyo baya, wajen ƙarfe goma, ya shigo ya ajiye wata 'yar takarda a teburina, rasiɗin zubi na banki, cinikin jiya. Bai zauna ba. Juma'a ta gaba ma haka. Ashe ya ɗauki al'ada, duk abin da ya samu ranar kasuwa sai ya kwana da shi ya kai gishe da safe, ko da zai dawo ya cire rabinsa ran Litinin don sayen fata. Mutumin da ya tsani layi ya zama ɗan gida a bankin, har ma'aikatan suna ajiye masa kujera. Na samo gwangwanin alewa ina tara rasiɗan.

Kasuwar baje kolin duk shekara biyu ake yi. Da lokacin ya kusato ya karɓo sabuwar relebe ya kawo mini, shafi huɗu. Ya ja kujera ya zauna sosai a wannan karon.

"Ɗauko sandar taki, 'yar gilashi."

Na ɗauko rula. Sifili a ƙarƙashin sifili. Kowane layi da lambarsa. Ƙarshen shafi ya haɗu da farkon na gaba, banki ya yanki nasa wata uku ba fashi. Na juya baya na ji tudun biro a yatsana. Makon Sallah babu zubi ko ɗaya. A duk shekarun da na yi ina duba takardu ban ga wadda ta fi ta tsabta ba, na kuma gaya masa haka. Ya yi dariya har haƙoransa na goro suka fito, ya ce saura wasiƙa.

Wasiƙar ta zo wa ƙungiya, amma da sunan wani. Masu shiryawar sun canza, sababbin suna son matasa. Aka ce wataƙila zagaye na gaba.

Relebe ba ta daɗewa, in ta kwana biyu masu biza sabuwa suke so. Don haka duk wata uku Kawu yakan karɓo wata, don kada gayyata ta zo ta same shi ba shiri. Yanzu ba ya iya zura zare da kansa, ɗinkin ma da lalube yake yin rabinsa. Makon jiya ya kawo ta bakwai. Ya miƙo mini ita a juye, ƙasa a sama, bai lura ba. Na karɓa na juya ta a hankali yadda ba zai ji ba, na ɗora rula.

"Akwai abin da kika gani?" ya ce.

Na ce babu, Kawu, ko ɗaya babu.